Ba kowane ciwon ciki ake lallaɓawa da madara ba

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 26, yau kusan wata huɗu bakin cikina na min zafi musamman cikin dare ko in na daɗe ban ci abinci ba, in na sha madara ko farin maganin nan na kwalba sai ya lafa. Abokaina sun ce olsa ce kuma kowa na da ita. Sai na je asibiti ko in ci gaba da abin da nake sha?

Amsa:

Ka je asibiti ɗan uwa, cikin satin nan ma ba sai ka rage kaya ba. Amma na san in na tsaya a nan ba zuwa za ka yi ba, don haka bari in ba ka labarin wani yaro da muka kwantar, sa'anka ne kusan, sai ka auna da kanka.

Yaron nan shadda da atamfa yake sayarwa a Kwari, ya yi shekaru yana yaron shago sannan ubangidansa ya sallame shi ya kafa nasa tebur. Ka san yadda rayuwar take, ya fito tun safe da ruwan shayi a cikinsa ko ma babu, kwastomomi daga Nijar da Chadi da kudu ga masu saye ta waya sai an kai musu kaya tasha, sai la'asar ta yi sannan ya tuna bai ci komai ba ya aika a siyo masa shinkafa da wake da yaji. Abin ya fara masa ne da ɗan ƙuna a ƙahon zuci, daidai ƙasan ƙashin ƙirji inda haƙarƙari suka rabu. In yunwa ta kama shi ya taso, in ya ci abinci ya kwanta. Daga baya ya fara tashinsa cikin dare wajen ƙarfe biyu, har ya saba ajiye biskit da madarar gwangwani a gefen katifa. Maƙwabcin teburinsa ya ce ai olsa ce, duk ɗan kasuwa na da ita, yunwa ce ke kawo ta. Shikenan ya ɗauka ya gano ciwonsa, ya sayi farin maganin kwalba ya ajiye a ƙarƙashin tebur yana kurɓa kai tsaye daga bakin kwalbar, wani lokacin mahaifiyarsa ta jiƙa masa kanwa.

Abin da bai gaya wa kowa ba don bai ɗauke shi a bakin komai ba shi ne maganin ciwon jiki. Ɗaukar dila da hawa bene da tsayuwar wuni sun sa bayansa na ciwo, to kullum in an tashi kasuwa sai ya biya kemis ɗin unguwarsu ya ce a haɗa masa. Mai kemis ya ɓallo ƙwayoyi huɗu ko biyar ya zuba masa a leda, ba kwali ba suna. Da muka sa ƙaninsa ya kawo mana ledar daga baya, akwai daiklofenak a ciki, akwai ibufurofen, ga wata ƙaramar fara da ke kama da firedinisolon. Wato magani biyu masu aiki iri ɗaya da na uku mai ƙara musu ɓarna, kuma yawanci a cikin da ba komai yake haɗiye su.

Nan zan ɗan tsaya, don nan ne mutane ke ɓata. Tumbin mutum na fitar da ruwa mai tsami ƙwarai wanda ke narka abinci, shi ne asid, kuma abin da ya hana shi cin naman tumbin kansa wata majina ce mai kauri da ke lulluɓe da bangon ciki, da kuma jinin da ke zagayawa yana gyara wurin. Gyambon ciki na faruwa ne in wannan kariyar ta samu rauni asid ɗin ya samu nama ya ci har ya yi rami. Abubuwa biyu ne suka fi raunana ta. Na farko irin magungunan can na ciwon jiki, asfirin, ibufurofen, daiklofenak, firoksikam da 'yan uwansu, har da garin nan na cikin ƙaramar takarda da direbobi da 'yan dako ke kaɗawa a ruwa, asfirin ne a ciki. Sinadarin da suke toshewa a jiki don ciwo ya lafa, shi ne dai wanda ke sa ciki ya yi majinar kariyarsa. Shi ya sa ko allurarsu aka yi maka ba ka tsira ba, ta jini suke bi ba sai sun taɓa tumbi ba.

Na biyu ƙwayar cuta ce, a takardar gwaji za ka ga an rubuta H. pylori. Yawanci tun muna yara muke ɗaukarta a gida, ta ruwa ko abinci ko yawu, ta zauna a cikin majinar tumbi shekara da shekaru. Mutanenmu da yawa na ɗauke da ita kuma galibinsu ba za ta taɓa yi musu gyambo ba, amma wasu takan yi. Likitoci ma da can damuwa da yaji suke ɗora wa laifi, sai a 1982 wasu biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta, da aka ƙi yarda da su Marshall ya ɗauki ruwan ƙwayar ya shanye a 1984 cikinsa ya kumbura, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. To yunwa da yaji da tunanin bashi suna tayar da zafin gyambon da ke nan, wannan gaskiya ne, amma ba su ne ke haƙa ramin ba. Taba sigari kuwa tana hana shi warkewa.

Mu koma kan yaron. A wata na uku ciwon ya ƙaru ga kasala, sai ya je wani ƙaramin lab aka ɗebi jininsa aka ce taifot ce da maleriya, wanda kusan duk wanda ya shiga irin wurin nan da ciwon ciki abin da zai fito da shi kenan. Ya sha maganin taifot na kwanaki, bai ga canji ba. Wani ya ce ya gwada omefrazol, ya saya, wallahi cikin kwana uku ya ji garau har ya ce ya warke. Ya ajiye. Bayan sati biyu ciwo ya dawo, ya ƙara saye, haka ya dinga yi yana sha yana bari, kuma duk wannan lokacin haɗin kemis na dare bai fasa ba. Omefrazol magani ne mai kyau, mu ma shi muke bayarwa, yana rage asid sosai har gyambo ya fara haɗewa, sai dai ba ya kashe ƙwayar cutar shi kaɗai, don haka da ka daina sai a koma gidan jiya. Madara kuwa tana sanyaya wurin na ɗan lokaci sannan ta sa ciki ya ƙara zubo asid, shi ya sa wanda ya sha ta ƙarfe goma ciwo ke tashinsa ƙarfe biyu. Kanwa ma haka, ta kashe tsamin na mintoci ta bar ka da gishiri a jiki.

Wajen wata na shida sai ya lura bayan gidansa ya canza. Ya koma baƙi wuluk mai danƙo kamar kwalta, ga wani irin wari da bai taɓa ji ba. Ya ce ko zoɓon da ya sha ne, ko miyar kuka. Kwana uku yana ganin haka. Abin mamaki ma ciwon cikin ya ɗan ragu a kwanakin, sai ya ƙara sakin jiki. In ya hau benen sito sai haki, in ya miƙe daga zaune sai ya ga duhu-duhu, zuciyarsa na bugawa fat-fat. Ranar da aka kawo shi, yana cikin auna wa wata mata yadi ne ya ce bari ya zauna, bai kai ga benci ba ya zube. 'Yan layinsu suka yayyafa masa ruwa, wani na cewa hawan jini ne wani na cewa iska ce, Allah ya sa ubangidansa na da ya ce a sa shi a adaidaita a yi asibiti.

Da na gan shi tafin hannunsa fari fat, cikin fatar idonsa ma haka, jikinsa sanyi ƙalau da gumi. Bugun zuciyarsa ya kusa 120 a minti, awon jininsa ya yi ƙasa. Gwajin yawan jini, wanda ake rubutawa PCV, ya nuna 19, alhali namiji lafiyayye yana kaiwa 40 ko sama. Na tambaye shi ya launin bayan gidanka, sai ya kalli ubangidansa ya sunkuyar da kai, sai da na ce Alhaji ɗan ba mu wuri sannan ya faɗa. Wannan kunyar tana cin mutane ba kaɗan ba. Jini ne da ya zuba a can sama, kafin ya bi hanji ya fito ya narke ya yi baƙi, shi ya sa ba ka ganin ja. Mutum zai iya zubar da jini mai yawa ta haka bai ga ɗigo ɗaya ja ba.

Muka sa masa ruwa, aka ba shi maganin rage asid ta jijiya, yayansa da wani abokinsa suka ba da jini leda biyu. Da ya ɗan dawo hayyacinsa washegari aka yi masa endoskofi, wato a zura siririyar roba mai kyamara ta baki a leƙa maƙogwaro da tumbi da farkon hanji. Mutane na jin tsoronsa fiye da yadda ya kamata. Za ka yi awa shida zuwa takwas ba ka ci komai ba, a fesa maka maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokacin a haɗa da allurar da za ta sa ka ɗan yi luf, aikin kansa bai cika wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Babu daɗi, za ka yi ta yunƙurin amai, amma ba yanka ba ne. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna yi, da wasu masu zaman kansu. A nasa an ga gyambo a farkon ƙaramin hanji, daf da inda tumbi ya ƙare, faɗinsa kusan santimita ɗaya da ɗan baƙin tabo a tsakiya inda jinin ya tsaya. Aka ɗan tsinko naman tumbi aka gwada, ƙwayar cutar na nan. Wato shi duka biyun suka haɗu masa.

Inda gyambon yake ya yi daidai da labarinsa. Na farkon hanji shi ne yawanci mai ciwon yunwa da tashin dare, abinci ya kwantar da shi, kuma ya fi kama matasa. Na cikin tumbi kansa sau da yawa cin abincin ne ke tayar da shi har mutum ya riƙa gudun abinci ya rame. Amma kar ka riƙe wannan a matsayin gwaji, alamomin na cakuɗewa, kuma gaskiyar magana yawancin masu cewa suna da olsa in aka leƙa ba a samun gyambo ko ɗaya. Wasu asid ne ke taso musu maƙogwaro, wasu tsakuwar matsarmama ce, wasu hanta, wasu cikin ne kawai ke da saurin jin zafi ba rauni. Dattijo kuma da ya zo da zafin ƙahon zuci da gumi sai mun duba zuciyarsa tukuna. Don haka ni ba zan ce maka gyambo ne da kai daga rubutu ba, abin da zan ce shi ne labarinka ya isa a bincika.

Maganin da aka sallame shi da shi kala uku ne na kwana 14: omefrazol miligiram 20, amoksisilin giram 1, da kilaritromaisin miligiram 500, kowanne safe da yamma. Omefrazol ɗin kamar rabin awa kafin cin abinci ake shansa. Bayan kwana 14 ya ci gaba da omefrazol kaɗai na wasu makonni don ramin ya gama rufewa, da maganin ƙarin jini. Na faɗi sunayen ne don ka san me ake ciki ba don ka je kemis ka haɗa ba, akwai wanda jikinsa ba ya karɓar dangin fenisilin, akwai wanda ya sha irin waɗannan magungunan barkatai har ƙwayar ta saba da su sai an canza masa haɗi mai kala huɗu, kuma kilaritromaisin ba ya jituwa da wasu magungunan da mutum ke sha.

A kwana na biyar ya kira yana cewa bakinsa ɗaci kamar me, ga ɗan gudawa, kuma tunda ciwo ya tafi ko ya bari haka. Na ce a'a, ɗacin daga maganin ne zai wuce, ka shanye. Nan ne da yawa ke faɗuwa, sun ji sauƙi sun ajiye, ƙwayar ba ta mutu ba kuma ta koyi maganin, zagaye na biyu ya fi tsada ya fi wahala. Na kuma gaya masa maganin ƙarin jinin zai sa bayan gida ya yi duhu, kar ya firgita, bambancin shi ne wannan ba ya danƙo ba ya wannan warin kuma ba ya zuwa da jiri. Haɗin kemis kuwa muka yi sallama da shi, in baya ya dame shi farasitamol, in ya ƙi ya dawo a duba bayan. Da ya gama komai aka jira, sannan aka sake gwajin bayan gida aka tabbatar ƙwayar ta tafi. Ya koma teburinsa, amma kusan wata guda ya yi ba kasuwa, kuma kuɗin jini da gado da endoskofi a cikin jarin suka fita.

To kai yanzu. In ka je ka gaya wa likita komai, har abin da kake ganin ba shi da alaƙa, musamman duk wani maganin ciwon jiki ko ciwon kai ko na gargajiya da kake sha, in akwai ledar ka tafi da ita. Ka daina su daga yau. A shekarunka in ba wata alamar haɗari, ba lallai a fara da kyamara ba, yawanci gwajin ƙwayar cutar ake fara yi, na bayan gida ko na numfashi. Akwai sharaɗi da masu lab ba su cika faɗa ba: in kana shan omefrazol ko danginsa sai ka tsaya sati biyu kafin gwajin, in ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na taifot sai an yi sati huɗu, in ba haka ba gwajin zai ce babu alhali akwai. Farin maganin kwalba za ka iya rage zafi da shi a wannan tsakanin. Gwajin jini na H. pylori da aka fi yi saboda arha, shi abin da yake nunawa kawai ka taɓa haɗuwa da ita, ko an kashe ta zai iya ci gaba da nuna akwai har shekaru. Na ga mutanen da aka ba su maganin nan sau uku sau huɗu saboda ana maimaita gwajin jini. Ba da shi ake tabbatar da warkewa ba.

Akwai abubuwan da in ka ga ɗaya daga ciki ba maganar jira ko gwajin lab kuma, sashen gaggawa za ka nufa ko tsakar dare ne. Baƙin bayan gidan nan, aman jini ko amai mai baƙi-baƙin gudaji, jiri ko suma. Sai ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya cikin ya ƙame ya yi tauri ko motsi ba ka so, wannan alamar gyambon ya huda ne kuma tiyata ce, kowace awa da aka ɓata tana da hatsari, kar a ba mutum komai ta baki kar a tsaya jiƙo. Waɗanda kuma ba na daren nan ba amma suna bukatar kyamara da wuri: ramewa ba dalili, abinci na tsayawa a ƙirji, amai kullum bayan cin abinci, ƙarancin jini, ko ciwon ya fara wa mutum sabo bayan ya manyanta. Gyambon da ke cikin tumbi kansa ma akan tsinki namansa a kuma sake leƙawa bayan kamar wata biyu, don wani lokacin ciwon daji kan ɓuya da kamar gyambo, na farkon hanji kuwa da wuya hakan.

Maganar abinci ba ni da doguwar doka. Ba sai ka koma kunu da dankali ba kamar yadda ake tsorata mutane, ka ci abincinka, abin da ka lura yana tayar maka ka rage, wani yaji ne wani shayi mai kauri wani lemon kwalba. Ka sa wani abu a cikinka kafin ka fita ka kuma ware lokacin na rana ko kasuwa ta cika. In kana shan sigari ko shisha ka bari. Azumi kuwa, wanda gyambonsa ya warke yawanci yana yi lafiya, wasu da omefrazol kafin sahur, amma wanda nasa ke ɗanye ko bai daɗe da zubar da jini ba ya tambayi likitansa tukuna kafin ya ɗauka, musamman na nafila da ba wanda ya ɗora masa. In an yi maka gwajin ka turo sakamakon da sunan duk abin da kake sha mu duba tare.